Wasiƙar neman afuwa ga baƙon da aka ba wa wani ɗakinsa a makon biki

Tambaya: "Yallaɓai, ni mataimakiyar manaja ce a wani otal mai ɗaki 32 a wajen Rayfield, nan Jos. Ranar Juma'ar da ta wuce dangin wani ango suka kama ɗaki 20 a wurinmu. Da ƙarfe tara na dare wani Alhaji ya iso daga Kano tare da maiɗakinsa, ya biya kuɗin kwana uku tun kwana goma kafin zuwansa, naira 45,000 kowane dare, sai muka tarar an ba wani ɗakin nasa, kuma ko ɗaya bai rage ba. Da kansa ya samo wani otal a Bukuru a kan naira 60,000, can ya yi kwanakinsa uku. Mai otal ya ce in rubuta masa wasiƙar ban haƙuri. Me zan rubuta, me kuma zan bari?"

Malama, kada ki ɗauki biro tukuna. Akwai abubuwa biyu da ya kamata su riga wasiƙar isa wurin Alhaji, wato sanin ainihin abin da ya faru a daren Juma'ar, da kuma kuɗinsa. Na yi shekaru ina wannan aiki, daga teburin karɓar baƙi a Jos har zuwa kujerar manaja a Abuja, kuma ban taɓa ganin wasiƙa ta huce zuciyar baƙon da kuɗinsa ke hannun otal har yanzu ba, komai daɗin kalmominta. Mutumin da ya ga alat ya shigo wayarsa da safe, sannan takarda ta iske shi da yamma, yana karanta ta a matsayin girmamawa. Wanda takardar ta iske alhali naira 135,000 ɗinsa na wajenku, yana karanta ta ne a matsayin dabarar jan lokaci, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Binciken da ake yi kafin rubutu

A sana'armu akwai kura-kurai biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne otal ya sayar da ɗakuna fiye da waɗanda yake da su da gangan, bisa lissafin cewa wasu daga cikin waɗanda suka kama ba za su zo ba. Manyan otal-otal na yin haka, kuma suna da shiri da maƙwabtansu don ranar da lissafin ya kuskure. Na biyu shi ne ɗaki ɗaya a ba mutum biyu a rana ɗaya saboda wani bai rubuta ba ko bai duba ba. Otal mai ɗaki 32 ba kasafai yake yin na farko ba, don haka zatona naku na biyun ne. Bambancin yana da amfani ga wasiƙar, domin abin da za ki ce kun gyara ya dogara ne a kan inda igiyar ta tsinke.

Ki zauna da littafin kama ɗaki ko kwamfutar da kuke amfani da ita, da bayanan asusun banki na makonni biyu, da wayar otal da ake amsa saƙonnin WhatsApp da ita, ki bi sawun kuɗin Alhaji daga ranar da suka shigo. A mafi yawan lokutan da na binciki irin wannan, abin da nake tararwa shi ne baƙo ya yi magana da ma'aikacin rana, ya tura kuɗi, akanta ya ga alat, an ce masa an ajiye, amma babu wanda ya sa sunansa a jadawalin ranar. Bayan kwana uku wakilin dangin ango ya zo ya nemi ɗaki 20, wanda ke kan tebur ya duba ya ga fili, ya bayar. Wani lokacin kuma sunan yana nan a rubuce, amma baƙon da ya kamata ya fita da tsakar ranar Juma'a ya ƙara kwana, aka amsa masa ba tare da an duba wanda ke tafe ba. Akwai kuma na uku, wanda ya fi ciwo, kuma a makon biki ya fi yawa fiye da yadda masu otal ke son yarda: ma'aikaci ya san ɗakin na wani ne, amma dangin ango suna tsaye a gabansa suna matsa masa, magariba ta wuce mai ɗakin bai iso ba, sai ya ɗauka ba zai zo ba ya miƙa makulli. Mutumin da ya taso daga Kano bayan sallar Juma'a ya biyo ta Saminaka ba zai shigo Jos da rana ba, kuma tunda ya biya kuɗinsa cas, ɗakin nasa ne ko da ƙarfe biyu na dare ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Duk wanda kika tarar daga cikin ukun, za ki faɗe shi a wasiƙar a jimla ɗaya ko biyu, ba tare da sunan ma'aikaci ba. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan binciken shi ne Alhaji yana riƙe da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da aka yi masa, kuma idan kika rubuta cewa na'ura ce ta sami matsala alhali ya ji da kunnensa ana cewa an ba dangin ango, kin ƙara ƙarya a kan laifi.

Lissafin abin da ke kanku

Al'adar aikin otal, idan an rasa wa wanda ya biya ɗaki, ita ce otal ɗin da ya yi kuskure ya samo masa ɗaki kwatankwacin nasa ko wanda ya fi a wani wuri, ya kai shi da motarsa, ya biya daren farko, sannan ya ɗauko shi washegari idan ɗaki ya samu kuma baƙon ya yarda. Daga tambayarki na fahimci ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, an bar dattijo da iyalinsa suna yawon neman masauki a sanyin Jos na Disamba, lokacin da garin ke cike da masu biki da masu dawowa gida hutun Kirsimeti. Wannan laifi ne na biyu, daban da na ba da ɗakin, kuma a ganina shi ne zai fi tsaya masa a rai. Wasiƙar dole ta ambace shi da sunansa.

Ga yadda zan yi lissafin da ni ne. Naira 135,000 da ya biya za a mayar masa gaba ɗaya, ba tare da an cire ko kwabo da sunan haraji ko kuɗin banki ba, domin harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan hidima ba shi da gurbi inda ba a yi hidimar ba. Daren farko a Bukuru, naira 60,000, naku ne. Sauran darare biyun kuma, shi ya yi shirin biyan naira 45,000 ne kowanne, kuskurenku ya sa ya biya 60,000, don haka rarar naira 15,000 sau biyu, wato 30,000, ita ma taku ce. Jimla naira 225,000 ke nan. Idan kika duba daga ɓangarensa, ya fitar da 135,000 a wajenku da 180,000 a can, wato 315,000, an mayar masa da 225,000, saura 90,000, kuɗin darare biyu a farashin da kuka yi da shi tun farko, dare ɗaya kuma ya zama diyyar wahalarsa.

Na san mai otal zai ɗaga gira idan ya ji 225,000. Ki nuna masa cewa ɗakin bai kwana babu kowa ba, an karɓi kuɗinsa daga hannun wanda aka ba, don haka naira 135,000 ɗin Alhaji tun asali ba ta otal ba ce, kuɗi biyu aka karɓa a kan gado ɗaya. Asarar gaske naira 90,000 ce. Ki kuma tuna masa cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin hidima bai samu ba damar kai ƙara da neman a mayar masa da kuɗinsa. Mayar da 135,000 ba alheri ba ne da za a yi masa gori a kansa, kuma kada wasiƙar ta kira shi kyauta. Idan mai otal ya ƙi wuce mayar da kuɗin da rarar farashi, to ki rubuta iya abin da ya amince da shi kawai. Alkawarin da aka rubuta a takarda mai tambarin otal aka kasa cikawa ya fi rashin alkawarin muni.

Wasu manajoji na son maye gurbin kuɗi da tayin kwana kyauta a nan gaba. Ban hana ba idan ƙari ne a kan kuɗin, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa. Mutumin Kano da biki ya kawo Jos wataƙila sai bayan shekara biyu zai sake zuwa, kuma tayin da ba zai amfana da shi ba sai ya dawo wurin da aka kunyata shi, otal yake yi wa aiki ba shi ba.

"A yi haƙuri" da "mun yi laifi"

Nan ne nake son in daɗe, domin nan ne wasiƙun da ake rubutawa da Hausa ke faɗuwa. Bakinmu ya saba da "a yi haƙuri", kuma kalma ce mai kyau, amma ki lura da wanda take ɗora wa aiki. Idan na ce ka yi haƙuri, kai nake nema ka yi wani abu. Ita ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ruwa ya ci gonarsa, da wanda mota ta lalace masa a hanya, wato inda babu mai laifi. Wasiƙar da ta cika da "a yi haƙuri" da "haka Allah ya ƙaddara" ba tare da "laifinmu ne" ba, tana mayar da sakacin otal tamkar ruwan sama da ya sauka a kan kowa. Dattijo Bahaushe zai amsa da "babu komai", domin tarbiyya ba za ta bar shi ya ce wani abu daban ba, amma ya gane ba a amsa laifi ba, kuma ba za ki sake ganinsa ba. Tsarin da ya dace shi ne amsa laifi ya zo farko, neman afuwa ya biyo baya, sannan addu'ar Allah ya huci zuciyarsa ta rufe. Idan aka bi wannan jeri, haƙurin da aka roƙa yana da abin da ya hau kai.

Kalma ta biyu da zan ce ki guje mata ita ce "idan". "Idan mun ɓata maka rai" magana ce ta wanda bai tabbatar ya yi laifi ba, alhali mutum ya tsaya da matarsa da jakunkuna a gaban teburinku ƙarfe tara na dare. Ta uku ita ce "amma" bayan neman afuwa. Duk abin da ya biyo bayan "amma" uzuri ne, kuma yana shafe abin da ya gabace shi.

Uzurin da zai fi jan hannunki shi ne bikin kansa, kuma ina roƙonki kada ki jingina da shi. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani otal da na yi aiki a Wuse II, a Abuja, ranar wata Juma'a da aka ɗaura aure da yawa bayan sallah. Mutane biyu masu suna iri ɗaya suka kama ɗaki a wurinmu, ɗaya daga cikin tawagar ango, ɗaya kuma ya zo harkar gabansa, ma'aikacinmu ya ɗauka mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ya soke guda. Na rubuta wa wanda ya rasa ɗakin wasiƙa mai tsawo, sakin layi guda na ɓata ina bayanin yadda cunkoson biki ya yi mana yawa a makon. Da na kira shi bayan kwana biyu, cikin ladabi ya nuna mini cewa abin da ya fahimta daga takardata shi ne masu biki sun fi shi daraja a wurinmu saboda sun fi shi yawan ɗakuna. Ba haka na nufa ba, amma da na sake karanta ta, haka ɗin ta ce. Bikin ba bazata ya zo muku ba, da saninku kuka karɓi kuɗin ɗaki 20, kuma yawan baƙi shi ne abin da otal ke roƙon Allah ya ba shi. Za ki iya ambaton makon a matsayin lokacin da abin ya faru, amma ba a matsayin dalili ba.

Haka nan kada ki sa sunan wanda aka ba ɗakin, ko sunan dangin da suka yi bikin. Bayan dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, akwai dalili na kusa: Jos ba ta da girman da za a ce ba su san juna ba, kuma zai yiwu Alhaji bikin nan ɗin ne ya kawo shi. Idan kuwa haka ne, wanda ya kwana a ɗakinsa wataƙila surukin ɗan'uwansa ne, kuma ba aikin otal ba ne ya haɗa su. Ma'aikacin da ya yi kuskuren ma kada ki miƙa shi. Jimlar "mun hukunta wanda ya yi" tana sa mutumin kirki jin nauyin cewa sanadinsa wani yaro zai rasa abincinsa, sai ya koma yana roƙonku ku yafe, maganar ta juya. Alhaji da otal ya yi ciniki, otal ne zai amsa.

Yadda zan rubuta ta

A takarda mai tambarin otal, shafi ɗaya, da kwanan wata da lambar rasit ɗinsa a sama. Ga misali, sai ki sauya abin da bincikenki ya nuna daban:

Zuwa ga Alhaji Wane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun koma gida lafiya, kai da Hajiya.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a madadin wannan otal domin in amsa laifin da muka yi muku a daren Juma'a. Ka biya kuɗin kwana uku tun kwana goma kafin zuwanka, mun tabbatar maka an ajiye ɗaki, amma da kuka iso ƙarfe tara na dare kuka tarar mun ba wani. Mun bincika, mun gano cewa mun karɓi kuɗinka ba mu shigar da sunanka a jadawalin ranar ba. Babu kuskure ko kaɗan daga wajenka, laifin namu ne gaba ɗaya.

Laifi na biyu kuma, wanda ya fi na farko, shi ne mun bar ku kuka nemi masauki da kanku cikin dare bayan doguwar tafiya, alhali mu ya kamata mu nema, mu kai ku, mu biya. Muna neman afuwarka, muna kuma roƙon ka isar da neman afuwarmu ga Hajiya.

Yau da safe mun tura naira 225,000 zuwa asusun da ka biya mu da shi: naira 135,000 kuɗinka da ka biya, naira 60,000 kuɗin darenku na farko a inda kuka sauka, da naira 30,000 rarar farashin sauran darare biyun. Shaidar turawar na haɗe da wannan takarda. Idan akwai wani abin da kuka kashe saboda wannan kuskure wanda ba mu lissafa ba, a sanar da ni kai tsaye a lambar da ke ƙasa.

Daga wannan mako, duk wanda ya tura kuɗi za a aika masa rubutaccen tabbaci kafin ranar ta ƙare, kuma ba za a saki ɗakin da aka biya ba sai da sa hannun manaja.

Mun san wannan ba zai mayar muku da daren da muka ɓata ba. Allah ya huci zuciyarku.

Sai sa hannu, da suna, da muƙami, da lambar waya.

Ki lura da cewa maganar kuɗi an yi ta ne a matsayin abin da ya riga ya faru, "mun tura", ba "za mu tura" ba. Ki lura kuma an ambaci Hajiya sau biyu. Namiji zai iya shanye abin da aka yi masa shi kaɗai, amma kunyatar da shi a gaban iyalinsa, ya ce mata ya gama shirya masauki sannan ta gan shi yana jayayya da yaro a kan tebur, wannan ne ainihin ciwon, kuma wasiƙar da ta manta da ita ta bar rabin laifin. Sakin layin gyaran aiki kuwa, kada ki kwafe nawa sai idan da gaske kun fara yin hakan. Idan babu abin da aka sauya tukuna, cire shi ya fi.

Game da harshe, ki bi wanda aka yi cinikin da shi. Idan da Hausa ya yi magana da ku a waya, Hausa za ta fi isa zuciyarsa, kuma a garin da yawancin takardun otal ke fita da Turanci, zai lura an zauna an rubuta masa musamman. Idan kamfani ko ofis ne ya biya masa, to a haɗa da kwafin Turanci domin akantansu, amma lambobin su zama iri ɗaya a duka biyun.

Wa zai sa hannu, kuma ta yaya za ta isa

Ke za ki iya rubutawa, amma ina ganin hannun manaja ko na mai otal ya kamata ya kasance a ƙasa. Wannan ba rage miki matsayi ba ne. A wurin dattijo, girman wanda ya zo ban haƙuri yana cikin ban haƙurin, shi ya sa ko a gida idan yaro ya yi wa maƙwabci laifi uba ne ke takawa. Mai otal da ya ce a rubuta, ya dace ya yarda ya sa hannu.

Kuma kada takardar ta zama farkon jin muryarku. A kira shi tukuna, manaja da bakinsa, a lokacin da ya dace kamar bayan la'asar, a gaisa, a amsa laifi, a bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa ba tare da an katse shi ba, a tabbatar da lambar asusunsa, sannan a ce masa takarda na tafe. A wannan kiran ne sau da yawa ake jin abin da ba a sani ba, misali cewa sun yi hayar mota zuwa Bukuru, ko nisan wurin ya sa sun makara wajen ɗaurin aure ko walima, kuma abin da aka ji yana iya sauya jimla ɗaya ko biyu a wasiƙar. Bayan haka a tura hotonta ta WhatsApp ko imel a ranar, ainihin takardar kuma a ba amintaccen mutum ko kamfanin aika saƙo ya kai Kano. Idan wani ɗan gari ne ya haɗa ku da shi, a kira shi ma a ba shi haƙuri, domin shi ya ce wa baƙonsa wurin nan mai kyau ne, kuma shi zai kawo ko ya hana na gaba.

Lokaci ya riga ya fara tafiya. Da a hannuna abin yake tun farko, kiran zai fita ranar Asabar da safe tun yana gari, har a je a same shi inda ya sauka, wasiƙar kuma kada ta wuce kwana biyu. Tunda an wuce haka, ki ƙara jimla ɗaya da ke amsa cewa kun yi jinkirin tuntuɓarsa, ba tare da kawo dalili ba.

Akwai abin da zai iya biyo baya wanda ya kamata ki shirya masa. Wasu dattawan za su ce a bar rarar, kuɗinsu kawai suke so, har su mayar da ita. Idan ya yi haka, a roƙe shi sau ɗaya ya karɓa, idan ya dage a girmama ra'ayinsa, a rubuta a littafi cewa duk ranar da ya zo dare ɗaya na jiransa. Wani kuma ba zai amsa komai ba. Kada a bi shi da kira ana tambayar ko ya ga saƙo, kira ɗaya bayan mako guda ya isa. Idan ya riga ya rubuta ƙorafi a shafin da ake ba otal-otal maki, kada a sa goge shi ya zama sharaɗin biyan kuɗin, kuma kada wasiƙar ta taɓo maganar ko kaɗan.

Duk abin da na faɗa ya shafi inda asarar ta tsaya a kuɗin ɗaki da wahala da ɓacin rai. Idan a hayaniyar daren wani kaya ya ɓata, ko wani ya ji rauni, ko kuma takardar lauya ta riga ta iso muku, to kalmar "laifin namu ne gaba ɗaya" tana da nauyin da ya wuce na ladabi, kuma lauyan otal ya kamata ya duba wasiƙar kafin ta fita. A irin naku kuwa, inda shaidar biya tana hannun baƙo kuma ɗakin an ba wani a gaban shaidu, babu abin da amsa laifi zai ƙara muku wanda rasit bai riga ya tabbatar ba. Ki fara da bayanan banki gobe da safe, ki kai wa mai otal lissafin 225,000 ɗin a rubuce kafin azahar, manaja ya kira bayan la'asar, takardar ta fita a ranar da alat ya shiga.